Saƙon Taibatu ga Dokta Sadi

Malama Taibatu ta shekara goma sha ɗaya tana koyarwa a firamaren ƙauyensu, can bayan Kaya. Mace ce mai alkunya har ta yi yawa. 'Yarta ta fari, Nusaiba, ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke" ce ko "waccan yarinya".

Da girma ya zo mata ta shiga digirin ilimi na karatu daga nesa. Sabis bai cika zama a ƙauyen ba, sai ranar Talata take hawa mota zuwa Mafara, mutane na cin kasuwa, ita tana rakuɓe a shagon caji tana tura aiki.

Saura darasi ɗaya ta gama. Malaminsu Dokta Sadi ya ba da aiki kan ra'ayoyi biyu game da ƙwaƙwalwa. Na farko ya ce maimaitawa ce ke kai abu daga gajeriyar ajiya zuwa doguwa. Na biyu ya ce zurfin ma'anar abu ne ke zaunar da shi. Wanda bai miƙa ba kafin a rufe shafin karɓar aiki na intanet, da wuya ya haye, sai baɗi.

Ana saura kwana takwas a rufe zazzaɓi ya ɗauke Nusaiba, tana da shekara tara. Taibatu ta karɓi gaisuwa ido a bushe. Mata suna ta yabo: "Wanga haƙuri sai Malama."

Ranar Talata ta aika wa Dokta imel. Layi shida na gaisuwa, sannan ta tambaya ko kwatanta ra'ayoyin ake so ko zaɓen ɗaya. A ƙarshe ta roƙi ƙarin mako guda saboda "wani ɗan uzuri".

Tana shirin tashi amsa ta shigo. A kwatanta, in ji shi, sannan a goyi bayan ɗaya da misali. Ƙarin lokaci kuwa sai da dalili bayyananne, don ɗalibai ɗari uku ne, kowa da ɗan uzurinsa. Bai yi laifi ba, bawan Allah, ina zai sani?

Jibi za a rufe shafin. Ta daɗe tana kallon wayar, direban motarsu na ta kiran fasinja. Sannan ta rubuta: "'Yata ce ta rasu ran Laraba. Sunanta Nusaiba. Misalina ke nan kuma, in an yarda. Ban taɓa maimaita sunan nan a baki ba, ga shi ya hana ni tuna komai in ba shi ba."

Ya ba ta mako biyu, da ta'aziyya. Amma ba ta ga amsar ba sai daga baya, don tana ganin sunan a rubuce ta kifa kai a bencin shagon. Nan, a tsakiyar kasuwa, cikin baƙin da ba su san ta ba, ta yi kukan da ta hana kanta a gida, tana kiran yarinyar da sunanta.