Uzairu da Kwanar Shataletale

Faɗanmu na farko da Uzairu a kan kunun gyaɗa ne. Ya ɗauko ni daga unguwar Rikkos a akori-kurarsa, bokitin kununa a tsakanin ƙafafuna, ya shiga shataletale bai rage gudu ba. Motar ta juya, kunun ya ƙi juyawa, ya kwarare a zanena.

Na ce, "Kai, ɗan nan! Wa ya koya maka tuƙi, mahaukacin tasha?"

Ya ce, "Iya, ai gobe ma ni zan kawo ki."

Haka kuwa aka yi, shekara da shekaru. Ubansa haƙar kuza ta kawo shi Jos, shi kuwa Uzairu sitiyari ya riƙe, yana jigilar katako daga kasuwar Katako, inda nake sayar da abinci. Bai taɓa wuce tsohuwa a titi ba. Gawa ma kyauta yake kai ta maƙabarta. Aibinsa ɗaya: ya yarda cewa lodi shi ke danne mota a ƙasa, don haka in ya cika ta maƙil, a guje yake shan kwana.

Nwabueze mai facin taya ya sha gaya masa a gabana. "Oga Uzairu, wannan kwana shimfiɗe take, ba a karkata ta ba. Ba abin da ke juya ka sai kamun taya da kwalta. Lodi na ƙara kamun, gaskiya, amma daidai haka yake ƙara nauyin da tayar za ta juya. Ba ka ci ribar komai ba. In ka ninka gudu kuwa, kamu ninki huɗu kake nema."

Ni da ban yi boko ba na gane. Uzairu dariya ya yi, ya shafa tayoyinsa da suka suɗe kamar bayan cokali.

Ruwan farko na daminar 2006 ya sauka da hantsi, ya taso da baƙin man da ya kwanta a kwalta duk rani. Uzairu ya shigo shataletalen nan da lodi, da gudunsa na kullum. Ya murɗa sitiyari, motar ta zarce abinta ta daki bangon kwalbati. Katakon baya ya fasa gilas ya murƙushe masa kafaɗar dama.

Ya rayu, hannun ne bai dawo ba. Aka sayar da motar wa 'yan gwangwan. Ya gwada tireda, zama wuri ɗaya ya gagare shi, kullum idonsa na kan titi.

Ranar da zai koma wurin 'yan'uwansa a Toro ya zo yi min sallama. Ya ce, "Iya, yau ba zagi?"

Na nemi zagin na rasa. Na ce, "Zauna ka ci tuwo tukuna. Motar Toro ta jira."