Lambar da Na Ƙi Rubutawa

Bayan rasuwar surukata na nemi aiki a wani asibitin sha-ka-tafi da ke wajen Minjibir. Yaron shagon kwamfuta da ke buga mini takardar tarihin aiki ya ce kowane layi sai da lamba. Har ya rubuta wai na inganta lafiyarta da kashi tamanin cikin ɗari.

Na ce masa, "Kai, matar da muka binne? Goge!"

Na sa ya rubuta abin da hannuna ya yi: jinyar mai shanyewar ɓarin jiki shekara huɗu, magani iri biyar kullum a kan lokaci, ga juya ta dare da rana.

Na ce, "Gyambon kwanciya kuma, rubuta sifili. Wadda ta yi mata wankan gawa tana nan, su tambaye ta."