Kwana Ukun da Kawu Ya Raina

Har yau idan na ga matashi yana gudun motsa jiki a bakin titi da sassafe, sai in ji kamar in tare shi in tambaye shi sau nawa yake fitowa a mako, kuma wane aiki yake yi idan ya koma. Ba shisshigi ba ne. Wannan tambayar ce ta raba ni da aikin da na fi so a duniya, kuma shekaru sun ƙi wanke mini haushin.

Lokacin ana kashe fam da sule, ni kuwa tela ne a kasuwar Birnin Gwari, ina cikin shekarata ta ashirin da biyar. Daga hantsi zuwa faɗuwar rana ina kan benci ina taka keken ɗinki. Ban taɓa son ɗinki ba, an dai kai ni na koya. Abin da raina ke so shi ne daji. Tun ina ƙarami nake bin mahaifina yankin Kamuku neman zuma, na san itatuwan kirya da maɗaci da doka tun daga nesa. To sai aka yi shela cewa za a ɗauki malaman daji mutum shida nan da mako goma sha biyu. Sharaɗin shi ne ka iya karatu da rubutu, kada ka haura ashirin da biyar, sannan ka yi gudun mil uku kafin lokacin da aka yanka ya cika. Karatu ina da shi. Shekaru kuwa, wannan ce damata ta ƙarshe. Saura gudu, ga shi rabona da gudu tun ranar da wata saniyar Fulani ta biyo ni ina ɗan shekara goma.

Na tafi wurin wani dattijo da kowa ke kira Sajan, tsohon soja, mutumin Gbagyi, Kirista, wanda ke koya wa 'yan firamare motsa jiki. Na same shi yana gyaran shingen gidansa. Na zaci zai ce in zagaya fili ya gani, sai ya ajiye adda ya shiga yi mini tambayoyi kamar alƙali. Ƙarfe nawa nake hawa keke? Da wace ƙafa nake takawa? Wace rana ce aiki ya fi yi mini yawa? Ina samun barci?

Da na gama ba shi amsa ya ce, "Tela, kai kwana uku za ka yi a mako. Ka yi yau, gobe ka bari. Ranar kasuwa kada ka fito sam, aikin ranar ya ishe ka. Makon da ɗinki ya yi yawa, biyu ma ya isa."

Na ce, "Baba Sajan, uku kacal? Ai lokaci ya ƙure."

Ya ce, "Ɗana, gudu yana ɗan ɓata jiki ne, ranar hutu jiki yake gyara kansa ya ƙara ƙarfi. Numfashinka zai saba da wuri, amma ƙashi da jijiya ba su da sauri. Kuma wannan ƙafa taka ta dama ba ta hutawa, wuni take yi tana aiki a kan keke."

Haka muka fara. Ya sa in yi gudu kaɗan, in yi tafiya, in sake gudu, duka bai wuce rabin awa ba. Kowane mako ya ƙara mini gudun, ya rage tafiyar. Ranar farko na dawo ina haki kamar zan shiɗe, cinyoyina suka yi tsami kwana biyu. Amma a ƙarshen mako na uku na yi mil guda cur ban tsaya ba, na kuma hau keke na wuni ina aiki garau. Wallahi a lokacin na fara jin ƙamshin aikin nan.

Sai Kawu ya shigo maganar. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, manomi ne na gaske, a ƙuruciyarsa kuma ɗan kokawa. An gama girbi, hannunsa ba aiki, bakinsa kuwa ba ya taɓa rasa aiki. Wata safiya ta hutu ya same ni zaune a ƙofar gida ina shan koko, ƙafa a miƙe.

Ya ce, "Kai, ba an ce gudu kake koya ba?"

Na ce, "Yau ranar hutu ce, Kawu. Sajan ya ce kwana uku a mako."

Ya riƙe haɓa. "Hutu? Me ka yi da za ka huta? Ka taɓa ganin manomin da ya yi noma yau, gobe ya kwanta ya ce gona ta jira? Kwana huɗu kana zaune kamar mai jego, kana neman aikin gwamnati! Ai raina ka mutumin nan ya yi, ya ga kamar ɗan gidanmu ba zai iya ba."

Na yi ƙoƙarin maimaita masa zancen ƙashi da jijiya. Ya yi dariya har da dukan cinya, ya ce shekara arba'in yana riƙe da garma kullum ta Allah, ƙashinsa bai taɓa neman izinin hutu ba. Abin da bai faɗa ba, ni ma kuma ban yi wayon tuna masa ba, shi ne tun yana ɗan shekara bakwai jikinsa ke koyon garmar nan, a hankali, damina bayan damina. Ni kuma mako uku ke nan da fara gudu. Ya ɗauki awon jikinsa ya ɗora wa nawa, kamar telan da ya yanka wa kowa riga da awon mutum ɗaya.

Ba zan ɗora masa laifin duka ba. Kalmar nan ta raini ta shige ni. Ga shi ni ma a ƙasan raina ina ganin kwana shida a mako sun fi uku, kowane yaro ya san haka. Ban ko je na gaya wa Sajan ba, kunya ta hana ni. Kawai na daina zuwa.

Washegari bayan sallar asuba Kawu ya fito da kekensa na hawa. Ya sa ni gaba a hanyar Randagi, yana biye da ni yana buga ƙararrawa. Babu zancen a yi gudu a yi tafiya, idan na rage sauri sai in ji tayar gaba tana shafar dugadugina. Mil uku zuwa huɗu kullum, har ranar kasuwa, Juma'a kaɗai yake ɗaga mini. Mutanen da ke tafiya gona suna yi mana kirari, shi kuwa yana ɗaga musu hannu kamar shi ke gudun.

Makon farko abin ya yi kamar gaskiyarsa ce, don numfashina ya ƙara tsawo. Ya riƙa shiga majalisa yana cewa ya ƙwato ni daga hannun masu koyar da lalaci. A mako na biyu ƙwaurina na dama ya fara zafi, ta ciki, wajen tsakiya. Da farko idan jiki ya ɗumama sai ya lafa. Daga baya ya daina lafawa. Ga Babbar Sallah ta matso, ɗinki ya taru har ba wurin ajiye ƙafa a shago. In dawo daga gudu, in watsa ruwa, in hau keke da ƙafar nan dai har magariba. Barci ya ƙi ƙosar da ni, abinci ya fita raina, na zama mai faɗa da masu kawo ɗinki. Na ɓata wa wani malami babbar riga, abin da ban taɓa yi ba. Gudun ma da ake taƙama da shi sai baya yake yi, inda nake kaiwa cikin sauƙi ya koma sai da jan ƙafa.

Na gaya wa Kawu. Ya ce tsamin jiki ne, gudu ne maganinsa. Ya sa aka yi mini gashi da ruwan zafi, aka shafa man shanu. Da bai yi ba ya kira wanzami ya yi mini tsaga ya fitar da mataccen jini. Kashegari da tsagar a ƙafata ya buga ƙararrawa a ƙofar ɗakina. Wannan ita ce ba na iya yafewa cikin sauƙi: yana ganin ina ɗingishi, amma abin da ya dame shi kada majalisa ta ce ɗan 'yar'uwarsa rago ne.

Saura mako biyu a yi gwajin, Sajan ya shigo shagona da wando a hannu, wai a ɗaga masa ƙafa. Na miƙe zan karɓa, ya ga yadda na taka. Bai yi mini gori ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya tsuguna ya bi ƙwaurin da babban yatsa, ya danna wuri guda, na yi ƙara har maƙwabcina ya leƙo. Ya ce in yi tsalle da ƙafar ita kaɗai. Na kasa.

Ya ce, "Wannan ba tsoka ba ce, ƙashin ne ya fara tsagewa. Je ka asibiti. Wata biyu ba gudu, keken ma ka koma takawa da hagu."

Na ce, "Baba, saura mako biyu fa."

Ya ce, "Na sani, ɗana."

Malamin asibiti ya faɗi abin da Sajan ya faɗa. Na huta mako biyun, Kawu yana ta mita, sannan ranar gwaji na ɗaure ƙafar da ƙyalle na tafi, don ba zan iya zama a gida ba. Mu wajen talatin ne. Aka hura usur. Ban cika mil guda ba na ji kamar an soka mini ƙusa a ƙwauri, na zauna a gindin wata ɗorawa ina kallon bayan mutane. Har wani mai facin keke da na sani, mai tumbi, ya wuce ni yana ɗan sassarfarsa ba gaggawa, kuma ya isa cikin lokaci. Na yi kuka a wurin, ban ɓoye ba.

Da yamma Kawu ya zo duba ni. Na zaci zai yi shiru ko ya ce ƙaddara. Ya gyara zama ya ce, "Ka gani ko? Mako biyun nan da ka kwanta su suka kashe ka. Da makonni ukun farko da ka ɓata." Na dube shi, na tuna shi ya ciyar da ni, na haɗiye abin da ya zo bakina. Har ya koma ga Allah haka ya yi imani, kuma haka yake ba mutane labarin.

Ƙafar ta warke sarai bayan wata biyu da 'yan kwanaki, daidai lokacin da warkewar ba ta da sauran amfani a wurina. A cikin makon ne babban malamin daji ya shigo shagona da bandir ɗin kaki, samari shida na biye da shi. Ya ce an gaya masa duk kasuwar ba wanda ya kai ni iya ɗinkin wando. Na ɗauko tef, na durƙusa a gabansu ɗaya bayan ɗaya na gwada tsawon ƙafafunsu.