Da Taron Litinin Ya Koma Asabar

A da, ranar Litinin da hantsi muke zama a garejin kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse da nake wa aiki, can bayan Ƙofar Rini. A wannan zaman ake raba aikin mako, a faɗi ƙauyen da injin zai tafi da wanda zai jagorance shi. Dokarmu guda ce, wanda bai zo taro ba, ba ya fita daji a makon. Yanzu ranar Asabar ake yi, bayan la'asar.

Hanya ce ta kawo canjin. Ta lalace da 'yan bindiga, kuma motar da ta bar Sakkwato da azahar sai duhu ya same ta a daji. Sabon manajanmu, matashi ne mai tsari, ya ga gara a gama rabon aiki tun Asabar, mota ta tashi da asubar Litinin.

Na ga yadda ake irin wannan sanarwa a ƙasashe. A Yamai takarda ake bugawa da Faransanci, a danna hatimi, a manna a allo. A Khartum shugaba yakan faɗa da Larabci ana shan shayi, ya maimaita har ka gaji. Manajanmu kuwa ya faɗa a ƙarshen taro, ya kuma rubuta a zauren wayarmu: daga wannan Asabar taro ya koma bayan la'asar, a wuri ɗaya, kuma ba na mako guda ba ne, haka zai zauna, kowa ya goge tunatarwar Litinin daga wayarsa. Ban ga abin da ya bari ba.

Mutum ɗaya ne bai ji ba, babban mahaƙinmu, wanda ya riƙe injin tun yana sabo. Yana ƙauyensu zaman makokin yayansa, inda babu sabis. A Sakkwato kuwa, magana irin wannan ba a jefa wa babba ita cikin tarin saƙonni. Tashi ake yi a same shi. Kowa ya ɗauka wani ya je.

Ranar Litinin ya shigo da jakarsa a kafaɗa, ya tarar da filin mota fayau, sai tabon baƙin mai a ƙasa.

"Ina injin?" ya tambayi makanikenmu, wani Kirista mutumin Filato da ke kwance tayar babur.

"Ya tafi tun asuba, Baba. Mataimakinka ya ja."

"Wa? Wanga da ni koya ma riƙon sifana?"

Manaja ya fito da waya a hannu. "Baba, sannu da haƙuri. Ai an sanar, taro ya koma Asabar. Ga shi nan, kowa ya gani."

"Kowa? Ni kare na, da ba a iya taka ƙahwa a gaya min? Kun ba yaro injinina, gobe ku ce ba ku da buƙatata!"

"Doka ce, Baba. Wanda bai zo taro ba..."

Bai ƙarasa ba. Mahaƙin ya fisgi ƙarfen kwance taya daga hannun makanike ya kai wa manaja duka. Manaja ya tare da hannu, na ji ƙashin ya ce ƙas, wayar ta tarwatse a kan siminti. Ya faɗi yana ihu, tsohon ya bi shi da ƙafa a haƙarƙari. Makanike ya rungumo shi ta baya yana cewa, "Baba, don Allah! Baba!" Tsohon ya sa masa ƙeya a baki, haƙori ya fita, jini ya wanke gaban rigarsa, amma bai sake shi ba. Suka zube tare kan tulin bututu. Ni na taka ƙarfen da ƙafata, ina kiran sunan Allah. Sai da maigadi da masu walda na maƙwabta suka danne tsohon, leɓensa a fashe, yana ta faɗin, "Injinina na! Injinina na!"

Aka kai manaja asibiti aka ɗaure hannun. 'Yan sanda suka tafi da mahaƙin, dattawan unguwarsu suka yi ta zarya har manaja ya janye ƙara. Mai kamfanin dai ya ce wanda ya ɗaga ƙarfe a kan abokin aiki ba zai sake shiga garejinsa ba. Na roƙa, makaniken ma ya roƙa da bakinsa a kumbure, bai saurare mu ba.

Taro ya zauna a Asabar bayan la'asar har yau. Injin kuma ya zama na mataimakin, tsohon bai ƙara hawa kansa ba.