Jawabin bankwana da na rubuta wa Malam

Aikina na farko koyar da Turanci ne a wata ƙaramar sakandare a ƙasar Baure. Na tarar da wani dattijo a can, wanda asalinsa malamin darasin noma ne, amma da aka rasa mai koyar da Turanci aka ɗora masa, ya yi shekara da shekaru yana yi. Daga ɗalibai har shugaban makaranta, Malam kawai ake ce masa.

Wata rana na shiga aji biyu bayan fitarsa, na ga ya bar jimla a allo: The ram is enough big to sell. Na share, na rubuta big enough to sell. Na gaya wa yara cewa enough bayan sifa take zuwa, sai in da suna ne take shiga gaba, kamar enough grass. Kafin a tashi tara labari ya kai masa.

A ɗakin malamai ya tare ni, gaban kowa. Ya ce tun ban iya ɗaura wando ba yake riƙe da alli, kuma ko me ya rubuta, bai kamata in goge masa a gaban ɗalibai ba. A nan yana da gaskiya. Amma dariyar da aka yi mini ce ta tsaya mini a rai.

Daga nan na sa masa kunne. Na gane too a wurinsa very ce. In yaro ya burge shi sai ya ce you are too good. Bai san cewa in aka ce too heavy to carry, ana nufin nauyin ya yi yawa har abin ba ya ɗaukuwa ba. Abin da ya biyo bayan to ɗin, shi ne ba zai yiwu ba. Ban gyara masa ba, na ajiye abina.

Da lokacin ritayarsa ya zo, aka ce in rubuta jawabin da shugabar ɗalibai za ta karanta. Na zauna na tsara shi da gangan. Ranar bankwanar aka jera bencina a inuwar darbejiya, Malam na gaba cikin farar babbar riga, yarinyar ta karanta da zuciya ɗaya. Our teacher is too kind to correct us. He is too experienced to learn anything new. He is old enough to rest. We have had enough lessons from him.

Wato kirkinsa ya hana shi gyara mana kuskure, daɗewarsa ta hana shi koyon komai, ya isa hutawa, mun kuma ƙoshi da darasinsa. Malamai uku suka gane. Ɗaya ya toshe baki da hula, malamar lissafi ta tashi ta zaga bayan aji. Malam kuwa sai gyaɗa kai yake yi, idonsa ya kawo ruwa. Da aka gama ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Ɗana, ashe ba ka riƙe ni ba. Allah ya yi maka albarka."

Ya nemi takardar na ba shi. Na ji ya kai ta Daura an sa mata gilashi, ya rataye a zaurensa, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa. A ɗakin malamai mun fi wata muna maimaita jimlolin muna shewa.

'Yarsa ce, mai karatun koyarwa, ta dawo hutu ta karanta, ta fassara masa layi-layi. Malamar lissafi, da yake unguwarsu ɗaya, ita ta ba ni labari. Malam ya sauke takardar daga bango, ya kwana biyu bai fito zaure ba.

Bayan damina muka haɗu a kasuwar Mai'adua, yana janye da akuya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi makaranta da yara. Sai ya ce 'yarsa ta koya masa abin, ya gane shi yanzu, ba ma wuya gare shi ba.

"Da ka zaunar da ni ka faɗa mini, da minti biyar ya isa. Yaran da na koya wa ba daidai ba duk shekarar da muka yi tare, kana kallo, su fa?"

Na fara cewa ya yi haƙuri, wani dillali ya zo yana taɓa cinyar akuyar, Malam ya juya wajensa suka shiga ciniki. Na ɗan tsaya, da na ga ba zai waiwayo ba na tafi neman babur zuwa Baure.