Eka Ɗaya a Bayan Buokrom

Maigidana bai taɓa mallakar ƙasa a Kumasi ba. Daga Nijar iyayensa suka zo da shi yana goye, ya girma a Asawase, ya yi dako a kasuwa har bayansa ya gaji. Da muka yi aure, yayana ya kai shi wurin wata tsohuwar Ashanti da ke da fili a bayan Buokrom. Mame muke ce mata. Yaya na noma eka biyar a wurinta, ta yanka wa maigidana eka ɗaya a gefe, bisa sharaɗin da suke kira abusa: in an girbe, kashi ɗaya cikin uku nata ne. Da masarar da yake nomawa a can nake dama kokon da nake sayarwa a ƙofar gida.

A daminar 1969 wani malamin gona ya zo da takin zamani, yana son a gwada. Ya raba daidai da girman gona, buhu ɗaya ga kowace eka. Yaya ya karɓi biyar, mu ɗaya. Yaya ɗan kasuwar goro ne a Alabar, gonar tasa leburori ke yi. Sai da ciyawa ta kai gwiwa suka watsa takin kamar masu ba kaji tsaba. Maigidana kuwa ya nome tasa tas, ya bi shuka ɗaya bayan ɗaya, yana tona ɗan rami a gefe, ya zuba ya rufe. Ni nake bin sa da kwanon takin. Hannuna ya yi mako yana zafi.

Bayan girbi aka taru a tsakar gidan Mame, don ta ce za ta ba da wasu eka uku da ke kwance ga wanda takin ya fi karɓa a hannunsa. Yaya ya daɗe yana son filin nan. Ya zo da farar riga, ya zauna a gaba.

Bara ya sami buhu ashirin, bana ashirin da shida. Mu bara huɗu, bana bakwai.

"To, ai magana ta ƙare," in ji Yaya. "Na ƙaru da shida, ƙanina ya ƙaru da uku. Allah ya ƙara masa."

Mame ma ta gyaɗa kai. Malamin gonan ya ce a dakata. Da yaren Twi ya yi bayani, duk muna ji.

"Gona biyar dole ta fi gona ɗaya yawan buhu. Kowa da barar kansa za a gwada shi. Kai ka ƙaru da shida a kan ashirin, wato kashi talatin cikin ɗari. Shi ya ƙaru da uku a kan huɗu, wato kashi saba'in da biyar cikin ɗari."

Mame ta ce ita ba ta da buhu ɗari, ya faɗa mata yadda za ta gane.

"Mame, bara kowace eka a gonakin nan biyu buhu huɗu ta ba da. Bana ekar wannan ta ba da bakwai. Ta wancan biyar da ɗan ɗoriya."

Tsohuwar ta ci gaba da taunar asuwaki. Can ta nuna maigidana da haɓa. Ta ce bayan girbin ƙaramar damina, da yake damina biyu ake yi a Kumasi, ya zo ya share eka ukun.

Yaya ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Yau na ga ikon Allah, uku ta fi shida." Ya karkaɗe rigarsa ya fita, ko sallama bai yi ba. A mota muka tarar da shi, ya juya fuska ga taga har Asawase.

Maigidana bai yi murna a fili ba. Har gida ya bi Yaya, ya durƙusa ya ce, "Yaya, kai ka kai ni wurin nan. In ranka bai so ba, na bar filin." Yaya ya ce shi ba almajirin kowa ba ne da za a ba shi sadakar ƙasa. Daga ranar ya daina aiko wa yarana goro su kai wa kakarsu. A masallaci in sun haɗu, hannu kawai.

Duk da haka mun yi mafarkinmu. Eka huɗu. Na ce zan sayi babbar tukunya in fara sayar da dokunu, tuwon masarar da ake dafawa cikin ganye. Shi kuma ya ce babban ɗanmu zai shiga makaranta da takalmi.

Masarar ƙaramar damina ta fara fitar da gemu sai rediyo ta faɗi cewa duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar. Maigidana ba shi da takarda. Wa ya taɓa tambayar ɗan dako takarda? Ni da Yaya ba abin da ya shafe mu, mahaifinmu daga arewacin ƙasar nan yake. Unguwa ta rikice. Mutane na sayar da gado da keken ɗinki a kuɗin da bai kai na tabarma ba. An ce manomi na iya samun sassauci in mai ƙasa ta tsaya masa, wani sananne kuma ya shaide shi. Ban san ko gaskiya ba ne. Na dai tafi Alabar.

Na sami Yaya yana yayyafa wa goro ruwa. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Yaya, Mame tana jin maganarka. Ku je tare."

Bai ɗago ba. "Ai yana da malamin gona. Ya je ya lissafa musu kashi nawa ne cikin ɗari ɗan ƙasa."

"Uban 'ya'yana ne."

"Na sani. Ba ni na yi doka ba."

Maigidana ya je wurin Mame shi kaɗai. Ta ce tana tsoron hukuma, ba ta son 'yan sanda a ƙofarta. Malamin gonan kuma an ce an mai da shi wani gari.

Na raka shi tashar lori. Mun shirya in zauna da yara in girbe masarar, in ya sami wurin zama ya aiko mu. Daga saman kaya ya sunkuyo yana ce mini kada in bari ta daɗe a tsaye, gara za ta shiga.

Ban girbe ta ba. Da na je da mata biyu da kwanduna, na tarar leburorin Yaya sun ci rabin gonar. Ya riga ya gaya wa Mame mace ba za ta iya ba, shi zai riƙe wa ƙaninsa. Da damina ta kama a 1970, ya haɗa tasa da tamu da eka ukun, aka share iyakar. Na je wurin mahaifiyarmu da kuka. Ta ce, "Ƙasa ai ba ta fita daga gida ba. Ki yi haƙuri, wanki ne."

Saƙo ɗaya na samu daga maigidana, ta bakin wani direba: ya isa Nijar, ƙauyen iyayensa ba wanda ya san shi sai wata gwaggo makauniya, ruwa bai yi ba. Bayan watanni direban nan ya dawo ya tsaya a ƙofar gidanmu, ya cire hula. Ciwon ciki ne, ya ce. Na yi takaba a ɗakin da muka yi aure.

Ana cikin zaman makoki Yaya ya aiko da buhun masara guda, ya sa aka ajiye a tsakar gida inda kowa zai gani. Mata suka yi ta sa masa albarka, suna cewa ɗan'uwa rabin jiki. Na so in ce a mayar masa. Na duba yarana uku, na duba tukunyar koko da ta kwana biyu a kife. Da mutane suka watse na kwance bakin buhun, na auna, na jiƙa.

Yaya ya rayu har ya je Makka. Duk sallah nakan je gaishe shi, in durƙusa, ya ce in tashi. Bai taɓa ambatar gonar ba, ni ma ban taɓa ba.