Ampul Ɗaya a Ƙofar Amarya

Tun ina yarinya nake tsoron kuran, wato wutar lantarki. A unguwarmu ta Madawa wata mata ta taɓa shanya wanki a kan fil, wato wayar wuta, da damina, ba ta san ya goge ya taɓa kwanon rufi ba, a nan aka tarar da ita ba rai. Daga ranar ko fitilar ɗaki ce ba na kunna ta da jiƙaƙƙen hannu. Sai ga shi Allah ya haɗa ni aure da mutumin da sana'arsa ke nan: shi da ƙanensa suna kafa rumfar bash, wato tamfol, da kujeru a wurin biki, su ƙawata ƙofar gida da girlandi, wato igiyar nan ta ƙananan fitilu masu launi da muke ce wa ampul. Ni dai ɗinki na sani. Kayansa suna cikin akwatin ƙarfe a zaure, ban taɓa buɗe shi ba.

A shekarar da nake ba da labari, yanar ido ta rufe wa maigida idanu biyu, na hagu ya fi. Likitocin ido suka zo garin, aka rubuta shi, ranar aikin kuma ta faɗo daidai da bikin ɗiyar maƙwabcinmu Alhaji. Yarinyar a gabanmu ta girma, maigida ya daɗe da yi mata alkawarin cewa ƙofarta sai ta fi ta kowa haske. Da safe aka yi masa aiki a idon hagu, aka liƙe da bandeji, aka ce kada ya sunkuya, kada ya taɓa, ya dawo washegari a buɗe. Na dama kuwa inuwar mutum kawai yake gani da shi. Ƙanensa ya kafa rumfa tun da hantsi, ya naɗa girlandin a bakin shiga, ya gwada ya ga ta kama, sannan ya ɗauki sauran kujeru ya wuce Buza inda suke da wani bikin.

Bayan azahar uwar amarya ta shigo gidanmu ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta ce sun kunna fitilun don 'yan uwa su gani, sun yi ƙyal sun mutu gaba ɗaya. Tsofaffin gidan har sun fara magana ƙasa-ƙasa, wai ƙofar amarya ta yi duhu tun ba a fita da ita ba, ga dangin ango suna hanya daga Tamaske. Ta kira mai gyaran wuta na unguwa, yana ƙauye.

Maigida yana kwance rigingine. Ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Ampul guda ce ta mutu."

"Guda? Duka sunka mutu, na gani da idona."

"Guda ce. Kuran ɗin ta cikin kowace yake ratsawa ya shiga ta gaba, kamar zare cikin tsakiya. In guda ta tsinke, hanya ta yanke ma duka." Sai ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina. "Uwar yara, ke za ki zama idona yau."

Na ce masa ya san ni, ya san abin da ba na iyawa. Bai yi gardama ba, ya dai miƙo hannu in tashe shi. Na riƙe shi muka tsallaka titi a hankali, na zaunar da shi kan kujera a inuwar zauren Alhaji, kansa jingine da bango.

Abu na farko da ya sa na yi, na zare kan girlandin daga ralonj, doguwar wayar da aka jawo daga cikin gida. Ya sa na faɗa masa da bakina cewa na zare. Ya ce in sa takalmin roba, in hau benci na katako, in bi ampul ɗin ɗaya bayan ɗaya ina danna kowace cikin gurbinta, don wani sa'in ba mutuwa ta yi ba, sassautawa ta yi. In kuma duba wadda gilashinta ya yi baƙi.

Ampul ɗin ƙanana ne, ba su kai ɗan yatsana na ƙarshe ba, kuma suna da yawa ƙwarai, ja da kore da rawaya. Rana tana dukan bash ɗin, zafi na saukowa a kaina. Ko da na san na zare, duk wadda na taɓa sai na ji kamar za ta cije ni. A cikin gida mata na ta guɗa, ana soya nama. Fentin da ke jikin gilashin ba ya barin a ga siririn zaren da ke ciki sai an kara da hasken rana, idona har ya fara ruwa.

Wajen tsakiyar igiyar na ga wata shuɗiya da ta yi duhu-duhu. Na zare ta. Na gaya masa cewa a cikin gurbin akwai 'yan ƙarafa biyu, ɗaya ya lanƙwashe. Ya ce in miƙar da shi da wani abu siriri. Na ciro allurar maƙale mayafina, na jingina gwiwar hannuna da ƙarfen rumfar don hannun ya tsaya daidai, na sa bakin allurar cikin gurbin.

Ban san cewa a lokacin gwaggon amarya, wata dattijuwa da ta zo daga Dewule, ta fito nemo dalilin da fankar tsofaffi ta tsaya ba. Ta ga kan waya a ƙasa kusa da ralonj, ta ɗauka na fanka ne, ta soka.

Abin da na ji ban san da me zan kwatanta shi ba. Kamar an daki hannuna da taɓarya daga ciki, tun daga yatsu har gwiwar hannu, haƙorana suka haɗu. Bencin ya goce, na faɗo ƙasa a kan kafaɗa. An ce na yi ƙara, ni ban ji ta ba. Abin da na fara gani da na buɗe ido shi ne maigida a tsaye, ya ture kujera, yana laluben iska, ɗaya hannun kuma yana kan bandejin zai fizge.

"Mi ya faru? Ku zare! Ku zare wayar! Tana ina?"

Tsoron da na ji a lokacin ya fi na farko. Na yi rarrafe na kama ƙafarsa. Na ce, "Ga ni, Malam, ga ni. Don Allah kar ka taɓa idon." Ya tsaya yana haki. Ya so ya sunkuyo ya taɓa ni, na miƙe da kaina na sa fuskata a tafin hannunsa.

Gwaggo ta zube a ƙasa tana salati tana kuka. Alhaji ya fito da gudu, ya fizge ralonj ɗin tun daga bango. A kan yatsana akwai ɗan farin tabo kamar ƙwayar gero, hannun kuma ya yi nauyi. Maigida ya yi ta tambayata ko ƙirjina na ciwo, ko ina ganin jiri. Daga baya ya gaya mini cewa gurbin da babu ampul shi ne wuri mafi haɗari a duk igiyar, don ƙarfin da ampul ɗin suke rabawa kaɗan-kaɗan duk a bakin wannan giɓin yake taruwa. Ta hannu ɗaya abin ya shiga ya fita ta ƙarfen rumfa, Allah ne ya tsare da bai ratsa ƙirji ba.

Alhaji ya ce a bar fitilun, rai ya fi biki. Maigida ma ya ce mu tafi gida. Wani daga cikin baƙi ya ce ai da sauƙi, in an gano gurbin a cusa takardar azurfa ta kwalin sigari a ciki. Maigida ya ce ba a igiyarsa ba: ƙarfin da wadda aka cire take ɗauka zai koma kan sauran su riƙa ƙonewa, ga ƙarfe tsirara a inda yara ke wucewa.

Na riƙo hannunsa za mu fita sai na hangi amarya ta tagar ɗaki, hannuwanta da lalle, tana kallonmu, ta ciji leɓe. Ban san abin da ya shige ni ba. Na tambayi maigida ko akwai hanyar da za a gane matacciyar ba tare da kuran ɗin gari ba. Ya ce a kawo pil biyu, wato batir na rediyo, da guntun fil.

Aka kwance girlandin aka shimfiɗa a tabarma cikin zaure. Kan wayar na ƙulle shi a bakin zanena, na zauna a kai. Ya koya mini in jera pil ɗin kai da gindi, in naɗe su da tsumma, in zare ampul, in taɓa ɗaya daga gashin waya biyu da ke ƙasanta a kan pil, ɗayan kuma da fil ɗin da ya fito daga gindin pil. Ya rantse mini cewa pil ba ta kama mutum. Duk da haka a ta farko sai da na rufe ido. Da na buɗe, ga 'yar ja tana haske a tsakanin yatsuna. Shuɗiyar nan da na sha wuya a kanta ma lafiyarta lau, fentinta ne kawai ya yi kauri.

Haka muka bi su. In zare, in gwada, in ce "ta kama," in mayar, shi kuma yana riƙe da igiyar daidai inda na tsaya don kada mu ɓata. Aka kira la'asar muka tashi muka yi, muka dawo. Motocin Tamaske suka iso, na ji ana ta maraba a waje, gumi na ɗiga daga haɓata. Hannun dama ya ƙi riƙe abu da kyau, na koma yi da hagu.

Can kusa da ƙarshe na zaro wata rawaya, gilashinta tas kamar sabuwa. Na taɓa, shiru. Na goge gashin wayar da farce na sake taɓawa, shiru. Na kara ta da hasken ƙofa, sai na ga zaren ciki ya rabu a gefe ɗaya, yana lilo.

Na ce, "Malam, wannan ba ta kama ba."

Ya ce in gwada ragowar duka tukuna, kada ta zama biyu ce. Ita kaɗai ce. Ya aike ni gida in buɗe akwatinsa in ɗauko wata tsohuwar igiya irin wannan sak, don in aka sa ampul da ba irinsu ba, ko ta ƙone nan take ko ta dusashe sauran. Na zaro kore daga jikinta, na gwada da pil, na sa.

Maza suka mayar da girlandin, na sa suka ɗaga ta sama inda hannun yaro ba zai kai ba. Alhaji ya ce in soka da kaina, na ce a'a. Na kwance kan wayar daga zanena na miƙa masa, na ja da baya har sai da bayana ya taɓa bango. Ya soka, duka suka kama, mata suka rangaɗa guɗa. Maigida ya ce yana ganin wani abu ja-ja da idon dama.

Ban tsaya cin abinci ba. Na kai shi gida kafin magariba, na ɗiga masa ruwa ya yi alwala ba tare da ya sunkuya ba. Da gari ya waye muka koma lopital, wato asibiti, tare. Likita ya buɗe idon ya ce aiki ya yi kyau, sannan ya duba yatsana da bugun zuciyata, ya yi mana faɗa don ba mu zo tun jiya ba. Sai da na yi kusan mako kafin hannun ya yarda in zura zare a allurar keke.